Na haɗa samfurin rubutuna da wasiƙar neman aiki: me zan ce a kansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata jaridar intanet na neman wakili a Kano, sun ce a aiko da wasiƙa da samfurin rubutu uku. Na zaɓi rahotona kan tsadar tumatir a kasuwar 'Yan Kaba, da hirar da na yi da wata unguwarzoma, da wani labari da na fassara daga Turanci. Da na zauna rubuta wasiƙar sai na ga ina ta sake ba da labarin rahotannin, har ta kai shafi biyu. Idan kuma na ce "na haɗa samfurina" kawai, sai in ga kamar ban ce komai ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Rahotonki zai yi magana da bakinsa idan aka buɗe shi. Aikin wasiƙa shi ne ta sa a buɗe shi, kuma ta faɗi abin da shi rahoton ba zai iya faɗa a kan kansa ba.

Ki tuna halin da edita yake ciki lokacin da saƙonki ya iso. Na yi zaman tantance irin waɗannan takardu, kuma gaskiya ba kowane fayil muke buɗewa ba. Wasiƙa ake fara karantawa, ita ce take sa mutum ya danna abin da aka maƙala ko ya wuce na gaba. Idan kika kwashe labarin tumatir kaf kika zuba a wasiƙa, kin ƙosar da shi tun a ƙofa. Ba shi da sauran dalilin shiga ciki. Abin takaicin ma, taƙaitawar da mutum ke yi a wasiƙa kusan kullum ba ta kai ainihin rubutun daɗi ba, sai a yi miki hukunci da kwafi mai rauni alhali na ainihin yana nan a maƙale.

To mene ne rahoto ba zai iya faɗa ba? Wanda ya karanta shi zai ga farashin kwando da abin da dillalai suka ce. Ba zai ga cewa ke kika kawo shawarar labarin da kanki ba, ko cewa kin isa kasuwa tun da asuba kin miƙa rubutu kafin la'asar, ko cewa hotunan ma ke kika ɗauka da wayarki. Waɗannan su edita yake son sani, domin su ne suke nuna masa yadda aiki da ke zai kasance. Saboda haka kowane samfuri ki ba shi jimla ɗaya, in ya yi yawa biyu: sunansa, inda yake, rawar da kika taka, da abin da ya haɗa shi da wannan aikin.

Ga irin abin da nake zaton kin rubuta:

"Rahotona na farko ya yi bayani kan tsadar tumatir, inda dillalai suka ce kuɗin mota ya ƙaru, manoma kuma suka koka da tsutsa, sannan masu saye suka ce sun koma busasshe..."

Duk wannan yana cikin rahoton. Ga yadda za ki juya shi, idan haka abin ya faru:

"Tallanku ya ce kuna neman wanda zai iya aiko da labari a ranar da ya faru. Samfuri na 1, rahoton kasuwar 'Yan Kaba, na haɗa shi ne a yini guda, kuma hotunan nawa ne. Samfuri na 2 hira ce da wata unguwarzoma wadda ta ƙi magana har sai da na koma sau uku. Na 3 fassara ce. Na sa na Turancin a shafi na biyu don a kwatanta."

Jimla biyar ke nan, kuma babu wadda ta maimaita abin da ke cikin fayil. Ki lura da inda aka fara: da buƙatarsu, sannan aka miƙa samfurin a matsayin shaida. Ki lura kuma ba a ce "rahoto mai inganci" ko "hira mai ratsa zuciya" ba. Yabon kai jahilci, in ji Hausawa, kuma a nan ma asarar wuri ne, tunda mai hukunci yana da rubutun a gabansa. Ko da Turanci za ki rubuta wasiƙar, ginin ɗaya ne.

Ba dole ba ne ukun su sami wuri daidai. Aikin wakili suke tallatawa, don haka rahoton kasuwa ne dokinki na gaba, shi ya cancanci ƙarin jimla. Ita kuwa fassarar, rabin layi ya ishe ta. Da aikin mai fassara ne, sai a juya lissafin.

Akwai gwajin da nake ba masu koyo. Ki buga wasiƙar, ki ɗauki biro, ki bi ta jimla-jimla kina tambaya: wanda ya buɗe fayil zai sami wannan a ciki? Idan zai samu, ki soke ta. Shafi biyunki zai dawo ɗaya. Sannan ki yi gwajin ta ɗaya gefen: wanda bai buɗe fayil ko ɗaya ba, zai iya faɗin wanne ya kamata ya fara buɗewa, kuma don me? Idan ba zai iya ba, kin yi tsumulmular magana.

Wani wuri da ake zamewa shi ne aikin haɗin gwiwa. Idan rahoton ya fita da sunaye biyu, ko edita ya yi masa gyara mai yawa, ki faɗa a jimlar nan: "ni na yi hirarrakin, abokin aikina ya haɗa alƙaluman." Faɗin haka ba ya rage miki komai. Ɓoyewa kuwa takan tonu ranar ganawa, lokacin da aka tambaye ki yadda kika sami wani adadi kika fara inda-inda. Idan kuma wani samfurin ba a taɓa buga shi ba, ki ce ba a buga ba.

Sai abin da ke kashe duk wannan ƙoƙari: wasiƙa ta ce "Samfuri na 1", edita ya duba ƙasa ya ga `Document(3).docx` da `IMG_0412.jpg`. Sunan da kika kira abu a wasiƙa shi zai kasance a jikin fayil, da jeri iri ɗaya:

```
1_Rahoto_YanKaba.pdf
2_Hira_Unguwarzoma.pdf
3_Fassara.pdf
```

Ki mayar da su PDF, don haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ da ɓ kada su rikiɗe su zama akwatuna a kwamfutar wani. A sunan fayil kuwa ki guji ƙugiyar gaba ɗaya. Idan an ce a haɗa komai a fayil guda, ki sa lambar shafi, wasiƙar ta riƙa cewa "shafi na 4". Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a maƙale. Idan ya wuce, mahaɗar Google Drive zai saka, kuma muddin ba ki buɗe izini zuwa `Anyone with the link` ba, edita zai iya cin karo da ƙofa a kulle, kuma da wuya ya rubuto yana roƙon mabuɗi.

A ƙasan sa hannunki ki jera abubuwan da kika haɗa a layi ɗaya, sunaye kawai ba bayani. Kafin ki aika, ki tura wa wata ƙawarki saƙon, ta buɗe fayilolin uku a wayarta, ta gaya miki ko jerinsu ya yi daidai da na wasiƙar.