Hayaniyar Terminus da zaman natsuwa

Tambaya: Shagona yana kusa da Terminus a Jos, tunani ya yi mini yawa, ga hayaniya. Ta ina zan fara koyon natsuwa?

Malam, hayaniyar ce ma kayan aikinka. Kafin ka buɗe shago, zauna minti 5, tafin ƙafa a ƙasa. Minti 2 na farko saurari sauti kawai: hon ɗin Keke Napep, ƙarar janareto. Kada ka bi labarinsu, ka lura dai da tasowarsu da ɓacewarsu. Sauran mintunan ka koma jiki, kamar sanyin safiya a bayan hannu ko nauyinka kan benci.

Tunanin bashi zai sace ka, dole ne. Da ka farga, dawo kan sauti ba tare da faɗa da kanka ba. In lura da jiki ya tayar maka da fargaba, buɗe ido ka tsaya kan sauti.