Kayan wuta sun ƙone a hannun kwastoma: yadda za ka yi bayanin bolt, filogi da garanti kafin a biya kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan wuta, sababbi da na hannu, wasu daga ƙasashen waje. Wani ya sayi dutsen guga a wurina, na haɗa masa da adafta domin filogin ya ƙi shiga soket, yana jonawa ya ƙone, ya dawo yana cewa ai na ce akwai garanti. Ni ma rubuce-rubucen jikin kayan nan ba duka nake ganewa ba. Yaya zan riƙa yi wa mutane bayani su fahimta, ba tare da na yi asara ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da kake nema yana rubuce a jikin kayan, a wata ƙaramar takarda ko zane da ke baya, ko ƙasa, ko jikin caja. Kada ka dogara da kwali, domin kayan hannu sau da yawa a kwalin wani suke zuwa. Juya kayan, ka nemi kalmar `INPUT` ko lambar da harafin V ke biye da ita. Wannan lambar ita ce ƙarfin wutar da aka ƙera kayan su karɓa, wato bolt.

Duniya ta kasu gida biyu a wannan fanni. Amurka da Kanada suna amfani da bolt 120, Japan kuma 100. Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya suna tsakanin 220 zuwa 240. Saboda haka iri uku za ka riƙa gani a jikin kaya. In ka ga `100-240V`, kayan suna karɓar kowace wuta, kuma haka yawancin cajojin waya da na kwamfuta suke. In ka ga `220-240V`, na wuta mai ƙarfi ne kawai. In kuwa ka ga `120V` ko `110V` shi kaɗai, to na ƙaramar wuta ne, kuma a nan haɗarin yake idan wutar gidan mai saye 230 ce.

Bari mu bi lissafin dutsen gugar, domin ka ga dalilin da ya sa bai ɗauki lokaci ba. Mu ɗauka an rubuta masa `120V 1000W`. Harafin W shi ne wat, wato yawan wutar da kayan ke ci. Wayar da ke ɗaukar zafi a cikinsa an auna ta ne yadda idan ta sami bolt 120 za ta ba da zafin wat 1000. Mutane suna zaton idan bolt ya ninka biyu, zafin ma biyu zai ninka. A kayan ɗumama ba haka ba ne: zafin kusan sau huɗu yake ninkawa, domin ƙarin bolt yana ƙara tura wutar, kuma yana ƙara yawan wadda ke wucewa. A bolt 230, wannan dutsen guga zai ci kusan wat 3700. Wayar cikinsa ko fiyus ɗinsa ba za su jure ba. Alamarsa ita ce kayan su mutu a jonawar farko, da wari ko hayaƙi, ba bayan kwanaki ana aiki da su ba. Wannan alamar tana da amfani wajen raba gardama.

Mai saye ba ya bukatar wannan lissafi. Abin da za ka ce masa gajere ne: bolt kamar ƙarfin tunkuɗowar ruwa ne a famfo, kowane tiyo da ƙarfin da zai iya ɗauka, in an wuce shi sai ya fashe. Sai ka ɗora yatsa a kan lambar, ka ce, "Ka ga nan, 120 aka rubuta, wutar gidanka kuwa ta kusa ninka haka." Mutum ya fi riƙe abin da ya gani da idonsa a jikin kayansa.

Adafta kuwa a nan aka fi yin kuskure, kuma dole in faɗa maka gaskiya, a wannan ciniki nauyin ya fi karkata gare ka, tunda kai ka miƙa masa adaftar. Adafta siffar baki kawai take canjawa. Ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, wutar da ta shiga ita ce take fita, ba ragi ba ƙari. Abin da ke rage bolt daga 230 zuwa 120 shi ne tiransifoma, wanda ake gane shi da nauyi domin ƙarfe da nannaɗaɗɗiyar waya ne a cikinsa. Sitabilaiza ma aikinta daban ne, tana daidaita wuta idan ta yi sama ko ƙasa, sai dai wasu suna da baki na musamman da aka rubuta wa `110V`, kuma shi ma yana da iyakar wat ɗin da zai ɗauka.

Idan mai saye ya nace sai kayan 120 yake so, a duba wat ɗinsu, a nemi tiransifoma da ya fi su da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Dutsen guga mai wat 1000 yana bukatar mai 1250 zuwa 1500. Kayan da ke da injin juyawa, kamar firji, suna jan wuta ninki da yawa lokacin tashi, don haka nasu sai ya ninka biyu ko uku. Shawarata ita ce ka daina saro kayan ɗumama masu 120 kwata-kwata, irin su dutsen guga, hita da na'urar busar da gashi. Tiransifoman da zai ɗauke su babba ne mai tsada, kuma ranar da wani a gidan ya manta ya jona kai tsaye, shi ke nan. Wanda ya sayi kayan yana iya tuna bayaninka, amma ba shi kaɗai zai yi amfani da su ba. In ka riga ka saro su, ka manna jan tef kusa da filogin ka rubuta "110 KAWAI" da manyan baƙaƙe.

Siffar filogi tana iya tsayar da kai ka duba, amma ba ta isa hujja ba. Filogi mai ƙafa biyu masu faɗi shi ne na Amurka da Japan, sai dai Sin da Filifin ma suna amfani da irinsa alhali wutarsu 220 ce. Don haka kaya biyu masu filogi iri ɗaya, ɗaya zai yi aiki lafiya, ɗayan ya ƙone. Lambar kawai za ta raba su. Mai ƙafa biyu zagayayyu na Turai ne, mai ƙafa uku masu kusurwa kuma tsarin Birtaniya ne, wanda ke da fiyus a cikinsa, yawanci mai 3A ko 13A, wato iyakar wutar da zai bari ta wuce kafin ya tsinke. Ƙafa ta uku ta tsaro ce, ita ke kai wuta ƙasa idan waya ta taɓa jikin ƙarfen kayan. Kada ka ba da adafta mai ƙafa biyu ga kayan da jikinsu ƙarfe ne kuma filoginsu ƙafa uku ne, domin kayan za su yi aiki amma an cire kariyar. Kayan da ba sa bukatar ƙafa ta uku suna ɗauke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba. Ga masu cin wuta da yawa, ya fi kyau mai gyaran wuta ya canja filogin gaba ɗaya, domin adafta mai sako-sako tana ɗaukar zafi har ta narke.

Za ka kuma ga `50Hz` ko `60Hz`, wato yawan zagayen da wutar ke yi gaba da baya a daƙiƙa ɗaya. Ga caja da talabijin na zamani yawanci an rubuta duka biyun, babu damuwa. Ga kayan da ke da injin juyawa wanda aka yi don 60 kaɗai, yana iya rage gudu ya riƙa ɗaukar zafi a kan 50, kuma tiransifoma ba ya gyara wannan.

Garanti kuma kalma ce da kai da mai saye kuke furtawa iri ɗaya, kowa da abin da ke ransa. Shi yana jin "in ya lalace za a canja mini", kai kana nufin "in kamfani ne ya yi kuskure". Kada ka sake cewa "akwai garanti" ka yi shiru. Ka faɗi wanda ke bayarwa, kai ne ko kamfani, da tsawon lokacin, da abin da za a yi in an dawo da kaya: gyara, ko canji, ko mayar da kuɗi. Sannan ka faɗi abin da bai shiga ciki ba. Kusan kowane garantin kamfani yana cire ɓarnar da ta zo daga jonawa a wutar da ba daidai ba, da faɗuwa, da shigar ruwa, da buɗe kayan a wajen mai gyaran da kamfani bai amince da shi ba. Wannan ɓangaren ne 'yan kasuwa ke tsallakewa don kada ciniki ya ɓaci, kuma shi ne yake dawowa da rigima.

Akwai tarko ga masu shigo da kaya: katin garantin da ke cikin kwali sau da yawa yana aiki ne a ƙasa ko yankin da aka fara sayar da kayan, kuma wasu kamfanoni suna taƙaita shi ga wanda ya fara saye. Ka karanta katin. In bai shafi mai sayenka ba, kada ka nuna masa shi a matsayin kariya. Ka ba da naka wanda za ka iya cikawa, ko da kwana bakwai ne na gwaji ga kayan hannu. Ka kuma binciki abin da dokar kare masu saye ta ƙasarka ta tanada, domin a wurare da dama tana ba su haƙƙi a kan kaya masu lahani ko da ba ka yi alkawarin komai ba.

Duk wannan ya shiga rasit: ranar saye, samfurin kayan, lambar da aka rubuta wa `S/N` wadda babu wani kaya mai irinta, bolt ɗin kayan, da sharaɗin garanti a layi ɗaya ko biyu. Misali: "Bolt 220 zuwa 240. Garantin shago wata uku, gyara ko canji, ban da ƙonewar wuta, faɗuwa da ruwa." Ka jona kayan a gabansa ya ga suna aiki, ka karanta masa abin da ka rubuta idan ba ya karatu, ka ajiye kwafi. Lambar `S/N` tana kare ka daga wanda zai dawo da wani kayan daban ya ce naka ne.

Shi kuwa mai dutsen guga, ka duba lambar da ke jikinsa. In 120 ne kaɗai, ka mayar masa da kuɗinsa ko ka ba shi mai 220 zuwa 240, domin da shawararka ya jona. In kuma lambar ta dace da wutar gidansa, to a sa mai gyara ya buɗe a gabanku, a ga ko fiyus ne kawai ya tsinke, kafin a yi maganar wanda zai ɗauki asara.