Waya da talabijin ga yaron da bai cika shekara biyu ba

Tambaya: Likita, ɗana watansa 14, kullum yana kallon waƙoƙin yara a waya kusan awa uku. Ba zai sa bakinsa ya buɗe da wuri ba?

Amsa: A'a, Hajiya, ya fi kusa da jawo masa jinkiri. Yaro a bakin mutum yake koyon magana. Ya nuna kofi ya ce "wa", ke kuma ki dube shi ki ce "ruwa kake so? Ga ruwa." Waya ba ta jiran amsarsa, ba ta san abin da ya nuna ba. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada jarirai 'yan wata tara. Waɗanda suka yi zama 12 da masu jin Sinanci ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda suka kalli mutanen a bidiyo kuwa ba su koya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba yaro kallo kafin ya cika shekara biyu. In ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya kuma ba ya nuni da yatsa, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu kamar "Mama zo", a kai shi asibiti, a fara da duba jinsa.

Tambaya: 'Yata ba ta barci sai na kunna mata katun, kuma cikin dare ta farka tana kuka.

Amsa: Hasken waya yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Sannan ta saba da katun ne take barci, in ta farka shi za ta nema. 'Yar shekara ɗaya tana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a rana, har da na rana. Kashe kallo awa guda kafin kwanciya, a yi wanka, a rage haske, ki goya ta ki yi mata waƙar reno. Za ta yi rigima na 'yan kwanaki. Ki daure, domin in kukan ya dawo mata da wayar, gobe sai ya ƙaru.

Tambaya: Ɗaki ɗaya muke, yayyensa na kallo, ni kuma ga girki. Yaya zan yi?

Amsa: Ban ce a fitar da talabijin ba. A kashe ta in ba mai kallo, don hirar manya da yaro raguwa take yi in tana kunne. Kallon yayye ya koma lokacin barcinsa na rana. In kina girki, goya shi kina gaya masa abin da kike yi, ko ki zaunar da shi nesa da murhu da roba da ludayi. Kada a ɗura masa abinci yana kallo. Kiran bidiyo da babansa in ya yi tafiya ba laifi, ki zauna kusa kina nuna masa: "Ga Baba, gaishe shi."