Beta 1.3 da lambar da ke ƙarƙashinta

"Maigida, na jera ribar wata 60 ta hannun jarin wani kamfani da ta NGX All-Share Index, ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, na ja layi, beta ta fito 1.3. A ƙarƙashinta akwai 0.2. In rubuta wa Alhaji cewa jarin ya fi kasuwa tsalle?"

Dakata tukuna, ɗana, ajiye biron.

Da ka buga wannan a Excel, ribar jarin a B, ta kasuwa a C:

```
=LINEST(B2:B61,C2:C61,TRUE,TRUE)
```

lambar farko ta sama ita ce beta, gangaren layin, wato idan kasuwa ta motsa da kashi 1 cikin ɗari, jarin kan motsa da kashi 1.3. Ta ƙarƙashinta ma'aunin kuskure ce. Watanni 60 ɗin nan ɗiba ce kawai, kamar ka cusa hannu a buhun masara a kasuwar Sabon Gari. Da wasu watannin ka ɗebo, da wata beta ka samu, kuma 0.2 tana gaya maka girman wannan lilon.

Ga inda ta fito. A takardarka, watsuwar ɗigogin daga layin kashi 9 ne a wata, watsuwar ribar kasuwa kashi 6. Ninka 6 da 7.7, wato tushen 59, watanni 60 ba ɗaya, ka sami kusan 46. Raba 9 da 46, ga 0.2 ɗinka.

Yanzu ninka 0.2 ɗin sau biyu, ka cire daga 1.3, ka kuma ƙara a kanta. Betar gaskiya tana iya zama ko'ina tsakanin 0.9 da 1.7. Ka ga 1, wato motsi daidai da na kasuwa, na ciki? To ba ka da hujjar ce wa Alhaji jarin ya fi kasuwa tsalle. Yara da yawa kan ruɗe a nan, su raba 1.3 da 0.2, su ga 6.5, su hau murna. Wannan ya nuna beta ba sifiri ba ce kawai, abin da ko mai shayin bakin ofis zai gaya maka. Tambayarka tazara ce daga 1: raba 0.3 da 0.2, ka sami 1.5, bai kai 2 ba.

Na san za ka ce a ƙara watanni. Kafin kuskuren ya ragu da rabi sai ka ninka su huɗu, wata 240, shekara 20, alhali kamfanin ya sauya bashi da sana'a a tsakani. Farashin kullum kuma yana da nasa tarkon. Hannun jarin da kan kwana biyu ba a yi cinikinsa ba, farashinsa na tsaye kasuwa na tafiya, sai beta ta fito ƙasa da gaskiya, ma'aunin kuskure kuwa ba zai tona wannan ba. Ƙirga ranakun da ribar ta fito sifiri, za ka gane.

Rubuta wa Alhaji 1.3 da iyakokinta biyu, sannan ka ciro betar sauran kamfanonin da ke sana'a ɗaya da shi, mu duba bayan la'asar.