Yadda za a gyara lafazin katin ɗaurin aure ba tare da an taɓa bayanansa ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanwata za a aurar, mahaifinmu ya rasu, Baffanmu ne waliyyi. Ga abin da ya rubuto a kai wa mai buga kati, na dai sakaya sunayen: "Ana sanar da jama'a za a ɗaura auren Wane da Wance ranar Asabar 16 ga Janairu 2027, ƙarfe 11 na safe, a Masallacin Juma'a na Unguwar Kaza, Zariya. Daga iyalan Alhaji Wane da na marigayi Malam Wane. Walima ƙarfe 4 na yamma a gidan su amarya, mata zalla. A zo da kati. Ban da yara." Ni dai na ji shi kamar sammaci. Baffa ya ce in gyara, amma kada in sauya ko abu ɗaya. Yaya zan yi ya fito da mutunci da sakin fuska?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa a yi taro lafiya.

Kunnenki bai yaudare ki ba, kuma ciwon yana kalmomi biyun farko. "Ana sanar" murya ce ta mai shela. Ba a san mai magana ba, ba a san wanda ake yi wa ba, tunda "jama'a" kowa ne. A da, da goro ko alawa ake gayyata, a aiko yaro ko mace har gida a ce in ji gidan wane, shi ya sa har yau muke cewa mutum ya amsa goron gayyata ko da bai ga goro da idonsa ba. Abin da goron nan yake ɗauke da shi abu biyu ne: sunan gidan da ya aiko, da hannun da aka miƙa wa. Su katinku ya rasa. In kika dawo da su, rabin aikin ya ƙare.

Kafin ki taɓa kalma ɗaya, ki ɗauki takarda ki kwashe abubuwan da Baffa ya kulle. Na ƙirga goma sha biyu: gidaje biyu, ango, amarya, rana da kwanan wata, lokacin ɗaurin aure, wurinsa, lokacin walima, wurinta, cewa ta mata ce, zuwa da kati, da hana yara. Har jerin sunayen ma ki ɗauke shi a matsayin abin kullewa. Ya sa gidan ango a gaba, to ki bar shi a gaba. Wasu suna fara sa gidan amarya, wasu na ango, kuma sau da yawa manya sun riga sun yi magana a kai ba tare da an gaya wa yara ba. Abin da ya rage bayan wannan kwashewar shi ne naki: buɗewa, kalmar gayyata, lafazin sharuɗɗa, da addu'ar rufewa.

Ga yadda zan rubuta shi:

*Iyalan Alhaji Wane*
*da na marigayi Malam Wane*
*suna farin cikin gayyatarku zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu*
*Wane da Wance*
*wanda za a yi, in Allah Ya yarda, kamar haka:*
*Rana: Asabar, 16 ga Janairu, 2027*
*Lokaci: ƙarfe 11 na safe*
*Wuri: Masallacin Juma'a na Unguwar Kaza, Zariya*

*Walima (mata zalla): ƙarfe 4 na yamma, a gidan su amarya.*
*Don Allah a riƙo wannan kati. Muna neman afuwa, zaman na manya ne, ban da yara.*

*Allah Ya ba da ikon halarta. Wanda bai samu dama ba, ya taya mu da addu'a.*

Dubi abin da ya motsa. Iyalan da aka ajiye a tsakiya kamar sa hannun takardar ofis sun hau sama, sun zama masu magana. Daga nan mutuncin kati yake fitowa, domin a wurinmu gida ne ke aurarwa, kuma darajar gidan mutane ke zuwa amsawa. Ango da amarya kuma sun zama "'ya'yansu", kalmar da ta haɗa gida biyu a numfashi ɗaya. Lura kuma an ce iyalan marigayi ne ke gayyata. Na sha ganin kati da aka rubuta "Alhaji Wane da marigayi Malam Wane suna gayyatarku", wato an sa mamaci yana kiran biki. Kalmar "iyalan" da ƙaramar "na" ɗin nan su ke hana wannan abin kunya.

Na zaɓi "gayyatarku" da gangan. "Ku" tana yin aiki biyu: ita muke yi wa babba don girmamawa, kuma ba ta bambanta mace da namiji, saboda haka kati ɗaya zai shiga hannun surukin Baffa da na ƙawar amarya ba wanda zai ji an rage masa. "Gayyatarka/ki" da ake raba wa da sanda tana mai da kati kamar fom ɗin asibiti. In kuna so ku ƙara karramawa, a bar layi fari bayan "gayyatar" a rubuta sunan mutum da biro. Dattijo ya fi jin wannan layin guda fiye da duk adon zinaren da ke gefen kati.

Sakin fuskar kuwa wuri biyu kawai na sa shi, "farin ciki" a sama da addu'a a ƙasa, kuma ya isa. Masu gyaran kati sukan ɗauka yawan kalmomi ne girma, sai ka ga "cike da matuƙar farin ciki da murna da annashuwa marar misaltuwa". Wannan ya fi kama da bakin maroƙi. Wasu kuma su juyo lafazin katin Turawa kai tsaye, su ce "suna neman jin daɗin kasancewarku". Ba Bahaushen da ya taɓa gayyatar maƙwabcinsa da wannan magana. Gwajin mai sauƙi ne: ki karanta da ƙarfi, ki tambayi kanki ko Baffa zai iya faɗin haka a zaure ba tare da an yi masa dariya ba.

Yanzu inda aka fi yin ɓarna, wato kalmomi masu daɗi da ke sauya bayani a ɓoye. Mutum zai rantse bai taɓa komai ba, alhali ya taɓa.

"Ku da iyalanku" tana da daɗin ji, amma ta gayyaci yaran da Baffa ya hana, ta kuma kira maza walimar mata. "Da misalin ƙarfe 11" ta sassauta lokaci, kuma kin san ɗaurin aure ba ya jira: waliyyi da wakilin ango su yi siga, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, cikin 'yan mintoci an watse. Wanda ya dogara da "misalin" zai tarar ana rabon alawa. Haka nan kada ki mai da ƙarfe 4 "bayan La'asar". Kusa suke, amma wani zai yi sallarsa a farkon lokaci, wata sai ta gama aikin gida, kowa da La'asar ɗinsa. "Liyafa za ta biyo baya" a ƙarƙashin ɗaurin aure alkawarin abinci ne ga maza, wanda ba a yi tanadinsa ba. Sannan laƙabi: kada ki ɗaga Malam ya koma Alhaji don gidajen su yi daidai, kada kuma ki ƙara wa kowa sarauta ko Dakta. Laƙabi ɓangaren suna ne, mai shi da danginsa za su lura kafin kowa.

Akwai kuma kwanan watan Musulunci. Yana ƙara wa kati kwarjini, na yarda, kuma ranar taku za ta faɗo cikin Sha'aban 1448, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi. Sai dai Baffa bai sa shi ba, kuma a Nijeriya tsayuwar wata sai Sarkin Musulmi ya sanar, don haka lissafin kalanda kan saɓa da kwana ɗaya. In an buga kati tun wata bai kama ba, kina iya wayar gari da ranaku biyu masu faɗa da juna a takarda ɗaya. Ki bar shi.

Layin yara shi ne mafi wuya. Abin da na yi shi ne na sa neman afuwa a gaba, na bar hanin yadda yake. Da na tsaya a "zaman na manya ne" kawai, wata za ta ce ai goyo ba ya cikin lissafi, wata ta ce 'yarta mai shekara goma ta girma. Kada kuma ki ƙirƙiro dalili irin "saboda ƙarancin wuri" in ba shi ne dalilin ba, domin ranar da suka ga tsakar gida mai faɗi za su san an yi musu dabara. Shi ma kati, "don Allah a riƙo" roƙo ne a baki, sharaɗi ne a ma'ana. "In da hali a zo da kati" kuwa ta soke sharaɗin, ta buɗe ƙofa ga 'yan gayyar soɗi.

Za ki ga a sama na ce "suna", a ƙasa na ce "muna". A layin gayyata ba a cakuɗa su: "suna gayyatarku auren 'yarmu" kuskure ne. Amma in an gama bayani aka sauko roƙo da addu'a, komawa "mu" tamkar mai gida ne ya taso ya raka baƙo bakin ƙofa. In Baffa bai so ba, "a yi mana afuwa" ko "ana neman afuwa" duk za su zauna.

Ban sa aya ko Bisimilla ba. Da yawa suna sawa, amma katin biki yakan ƙare a ƙasa ko a kwandon shara, kuma malamai da dama suna jan hankali a kan haka. Wannan hukuncin Baffa ne, ki tambaye shi.

Saura mai bugawa. Yawancin rubutun ado da suke so ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai harafin ya fito daban ko ya zama ɗan akwati. Mafi haɗari shi ne waƙafin saman nan na "'ya'yansu". In ya faɗi, katin zai ce "auren yayansu", mai karatu ya ɗauka babban wansu ne ke aure. Ki ce ya fitar miki da gwaji guda a takarda kafin ya buga sauran, kada ki yarda da hoton waya kaɗai. Ki ajiye gwajin kusa da rubutun Baffa, ki bi abubuwa goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya kina yi musu alama, ki buɗe kalanda ki tabbatar 16 ga Janairu Asabar ce (na duba, ita ce). Sannan ki kai wa Baffa, a kuma nuna wa wani babba daga gidan ango ya duba rubutun sunayensu, domin ko Muhammad ne ko Muhammadu, su kaɗai suka san wanda suke amfani da shi.