Yadda ake tsara zobba a kewayen ido da baki kafin a motsa fuska

Tambaya: Na sassaƙa kan wani dattijo a Blender, na rage shi da QuadriFlow, amma da zarar ya ƙifta ido ko ya yi murmushi sai fatar ta tattare a gefen ido da gefen baki. Ina gyaran yake?

Amsa: Laifin na tafiyar layuka ne, domin QuadriFlow yana bin siffar da ya tarar, bai san inda fuska ke lanƙwashewa ba. Tsokar da ke rufe ido da wadda ke tsuke baki duk kewayawa suke yi kamar zobe, saboda haka dole layukanka su kewaya haka, kowanne ya koma inda ya faro. Ka riƙe Alt ka danna layi ɗaya a bakin fatar ido. Idan zaɓin ya zarce zuwa kunci ko goshi, to zoben bai rufe ba, kuma a ganina sake ginawa da hannu ya fi faci sauƙi.

Ka sa Mirror da Shrinkwrap a kan sabuwar ragar, ka fara da ido. Ɗigo 16 sun isa zoben farko, wato biyu a kusurwoyi, bakwai a sama, bakwai a ƙasa. Daidaiton nan shi ne ginshiƙin aikin, domin idan ido ya rufe kowane ɗigon sama yana buƙatar abokinsa a ƙasa, in ba haka ba sai a ga tsaga ko fata ta shiga fata. Daga nan ka faɗaɗa zuwa zobba uku ko huɗu, ka ba fatar sama tazarar da za ta miƙe, tunda ita ke yin mafi yawan tafiya, kuma a kan ƙwayar ido take zamewa, ba miƙe take saukowa ba. Da zobe ɗaya tak, sai ta yanki ƙwayar a tsakiyar ƙiftawa.

A baki ma adadin leɓen sama ya zo daidai da na ƙasa, misali 24 gaba ɗaya, kuma zobban su zarce cikin baki. Ka matso da layuka kusa da juna a kusurwa, sannan ka ja zobe guda daga karan hanci, ya bi gefen hanci ya sauka ƙarƙashin leɓe, domin a nan murmushi ke naɗe fata, balle ga dattijo. Idan ka sassaƙa bakin a rufe, Shrinkwrap zai riƙa jefa ɗigon sama kan leɓen ƙasa, don haka ka ɗan buɗe shi tukuna.

Ɗigon da layuka biyar suka haɗu a kansa ba ya kaucuwa, sai dai ka tura shi kan ƙashin kunci, nesa da kusurwar ido da ta baki. Kafin ka ci gaba zuwa kunne, ka kashe Shrinkwrap na ɗan lokaci don kada ya mayar da ɗigogin kan sassaƙen, ka yi Shape Key na ƙiftawa da na murmushi, ka kunna Subdivision Surface, ka ja Value a hankali daga 0 zuwa 1, domin a wajen 0.5 ne aibin ya fi bayyana.