Filar ƙasa ta tafi: ina nauyin zai bi?

"Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina duba wani bene mai hawa 8 a nan Jidda, ƙasansa wurin ajiye motoci ne. An ce in nuna cewa ginin ba zai rufta ba idan fila ɗaya ta ƙasa ta karye. Na goge filar a ETABS, na sake lissafi, filolin gefe duk sun ɗauki nauyin. Shin wannan ya isa?"

Wa alaikumus salam Injiniya. Bai isa ba tukuna. Filolin gefe ba su ne suka fi ba ni tsoro ba a irin wannan aiki, domin galibi suna da rarar ƙarfi. Abin dubawa shi ne bim ɗin da zai kai musu nauyin, musamman rodinsa na ƙasa daidai kan filar da ta tafi. Tun ina sabon shiga aikin duba zane a Jidda har yau, a nan nake samun matsala kusan kullum.

Tunda ba ka faɗi tazarar filolinka ba, bari mu ce mita 6 ce ta kowane ɓangare, kuma wadda ka cire tana tsakiyar dogon gefen ginin. Nauyin da ake amfani da shi a wannan gwaji ba na zanen yau da kullum ba ne. Kundin UFC 4-023-03 na ma'aikatar tsaron Amurka ya ce a ɗauki 1.2D + 0.5L. A ce dekin da dabe da sili sun kai 7 kN/m², nauyin mutane da kaya 2 kN/m². Lissafin ya ba da 9.4, a faɗin mita 3 da bim ɗin gefe ke ɗauka ya zama kusan 28 kN/m. Ƙara bangon bulo da nauyin bim ɗin kansa, za ka tashi da 40 kN/m.

Lokacin da filar ke nan, bim ɗin mita 6 ne, lanƙwasar da ke kansa a bakin fila 120 kNm ce, kuma rodin sama ne ke riƙe ta. Da filar ta tafi, bim biyu sun zama ɗaya mai mita 12. Tsawo ya ninka biyu, lanƙwasa ta ninka huɗu: 480 a bakin filolin gefe. Abin da ya fi wannan muni, wurin da filar take a da ya koma tsakiyar bim, yana lotsawa ƙasa da 240, wato ja ya koma ƙasan bim ɗin, inda mai zane bai taɓa tsammanin ja ba.

To me ke wurin? A bim mai 300 da 600, sau da yawa rodi biyu ne 'yan milimita 16 suke ratsa filar ta ƙasa, ƙarfinsu bai wuce 82 kNm ba idan rodin ɗan 420 ne. A sama, a ce huɗu ne, 164. Ko da ka bar bim ɗin ya tsattsage ya raba nauyi iya iyawarsa, abin da zai iya jimilla 246 ne, alhali ana buƙatar wL²/8, wato 720. Kashi ɗaya cikin uku ke nan. Na bar taimakon dekin da na bim ɗin da ke shiga cikin gini a waje, za su ƙara wani abu, amma ba za su cike wannan giɓi ba. Ina roƙonka ka yi wannan lissafi da hannu kafin ka koma kan kwamfuta, ba zai ci maka rabin awa ba.

Har yanzu ma ba mu sa gaggawar abin ba. Fila ba ta janyewa a hankali. Mota ce ta doke ta ko wani abu ya fashe, nauyin ya faɗo wa bim ɗin lokaci guda, shi ya sa a lissafin da bai bar rodi ya miƙe ba ake ninka nauyin ɗakunan da ke saman filar sau biyu, a kowane hawa har rufi. Goge fila a ETABS ba ya yi maka wannan, kai za ka sa. In kuma za ka bi hanyar lissafin motsi ne, sai ka maye gurbin filar da ƙarfin da take ɗauka, ka bar ginin ya zauna, sannan ka cire ƙarfin cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na zagayen girgizar sama da ƙasa ta wannan sashe ba.

Wani abu da ke ruɗa matasa: suna ɗauka bim ɗin hawa na farko ne zai ɗauki hawa takwas ɗin duka. Idan bim ɗin kowane hawa iri ɗaya ne, tare suke lotsawa, kowa yana ɗaukar nasa, filar da ta rage a sama kusan ba ta ɗauke da komai. Labari yana canzawa ne idan akwai babban bim da aka dasa filoli a kansa don a buɗe hanyar mota, abin da ake yawan yi a ginin da ƙasansa wurin ajiye motoci ne. Irin wannan bim na cikin abin da ya tsananta rushewar ginin Murrah a Oklahoma a 1995. Idan naka yana da shi, filolin da ke ƙarƙashinsa su ne farkon waɗanda za ka gwada.

Idan lanƙwasa ta gaza, sauran hanya ɗaya: bim ɗin ya sauka ya rataya kamar igiyar shanya, rodi ya ɗauki nauyin da ja zalla. A ce ya sauka mita 1.2, kashi goma cikin ɗari na tsawonsa. Jan da ake buƙata shi ne 720 a raba da 1.2, wato 600 kN, ba tare da ninkin gaggawa ba. Rodin nan biyu suna ba da kusan 170 kawai. Sai ka kai rodi uku 'yan 25, miƙaƙƙu ba yankewa, kafin ka kama 600. Kuma jan nan dole ya sami inda zai ɗauru a ƙarshen biyu, shi ya sa filar kusurwa ba ta da wannan mafita, dole ka gwada ta daban. Ka gwada ta tsakiyar gajeren gefe, da ta ciki inda motoci ke juyawa.

Kwamfuta tana ɗauka rodi a haɗe yake, ba ta ganin zanen ɗauri. Na sha ganin zanen da aka yanke rodin ƙasa bayan ya shiga fila da santimita 15, wanda a wannan hali zarewa kawai zai yi. SBC 304, da yake ta biyo ACI 318, ta nemi bim ɗin kewayen gini ya kasance da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rodin ƙasa da ɗaya cikin shida na rodin sama suna wucewa ba yankewa, kowanne bai gaza biyu ba, cikin rufaffun zobba. Wannan mafi ƙaranci ne, ba ya nufin ka ci gwajin. Amma ɗauri yana aiki: a harin Khobar na 1996 fuskar ginin mai hawa takwas ta zube, sauran ya tsaya, saboda an ɗaure sassansa bisa ƙa'idar Birtaniya da aka tsaurara bayan ruftawar benen Ronan Point na Landan a 1968.

Ka turo mana zanen ɗaurin bim ɗin gefe a mahaɗarsa da fila, da tazarar zobba a bakin filolin gefe, domin a nan kankare ke fara tsagewa idan zobban sun yi nisa. In dekinka mara bim ne ka faɗa, lissafin daban ne, can huda dekin a kan filolin maƙwabta za mu fara dubawa.